Layi bakwai a hoto ɗaya: yadda na bi takardar kuɗin kaya tun daga adadi har jimla

Hoton ya shigo wayata dab da lokacin tashi daga ofis. Mai kula da sito ne ya turo, dattijo ne da ya riga ni fara aiki a wurin da shekaru, ya bi hoton da saƙo: "Malam akawu, ga takardar kayan ofis da aka kawo ɗazu. Mai kayan yana so a biya shi gobe da safe." Takardar kuɗin kaya ce, wadda ake kira inbois, an cika ta da hannu, kuma abin da aka bar mana kwafin kabon ne, na asalin yana hannun mai kawo kayan. Layi bakwai ne, sai ragi, sai haraji, sai babbar jimla a ƙasa wadda aka ja wa layi biyu: 442,543.50.

Abin da ke gabana shi ne in ce a biya ko kada a biya. Takardar tana hannun wani, hotonta kawai nake da shi. Shi ya sa duk lambar da ta ƙi daidaita sai na fara tambayar kaina inda kuskuren yake, a takardar ne, ko a hoton, ko a idona. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya haɗa su wuri guda zai je ya tuhumi mai kaya a kan laifin kyamara.

Hoton farko bai karantu ba, ko da yake da ganin farko kamar lafiya yake. Dattijon yana tsaye ya ɗauka, takardar tana kan tebur a gefensa, don haka layukan suka karkata, suna haurawa sama daga hagu zuwa dama. Takardar ba ta da zanen layi mai kauri, kuma tsakanin sunan kaya da jimlarsa akwai fili mai faɗi. Da na ɗora ido a kan biro na bi shi zuwa dama, sai na sauka a kan 85,500, wadda jimlar tawadar firinta ce, layin da ke ƙasa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi saurin kama mutum a hoto, domin kowace lamba an karanta ta daidai, sai dai an aura mata kayan da ba nata ba. Hanyar gane shi ita ce ƙirga: sunayen kaya nawa ne, adadi nawa, farashi nawa, jimla nawa. Idan duka bakwai-bakwai ne, to na uku a wannan jeri shi ne na uku a wancan, komai karkatar hoton.

Na kira shi na ce, "Baba, don Allah a sake ɗauka mini. A shimfiɗa takardar, a danne gefenta da wani abu, a riƙe wayar daidai samanta, kusurwa huɗu duka su fito. Kada a kunna fitilar wayar." Na roƙe shi kuma ya turo hoton a matsayin fayil, saboda manhajojin aika saƙo kan matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma siraran zane irin na kabon su ne suke fara ɓacewa. Maganar kusurwa huɗu ba ado ba ce. A sama ake samun lambar takardar da kwanan wata, a ƙasa kuma ake ganin ko akwai shafi na biyu. Tamu shafi ɗaya ce.

Hoto na biyu ya miƙe. Amma abu biyu sun rage waɗanda kyamara ba za ta gyara ba: kabon ya yi haske a wasu wurare, kuma an taɓa naɗe takardar, lanƙwasar ta ratsa ta kan layi na bakwai.

Ka'idar da nake bi a nan ita ce in kwafe komai yadda na gan shi kafin in taɓa kalkuleta. Dalilin mai sauƙi ne. Idan na fara ninka adadi da farashi na san amsar da ya kamata ta fito, idona zai ga wannan amsar a takarda ko da ba ita aka rubuta ba, musamman in rubutun ya dusashe. Don haka na kwafe jerin adadi daga sama har ƙasa, sannan jerin farashi, sannan jerin jimla, kowanne shi kaɗai. Inda ban gani ba na sa alamar tambaya, ban cike da zato ba. Ga abin da ya fito:

| Layi | Kaya | Adadi | Farashi | Jimla |
|---|---|---|---|---|
| 1 | Takardar firinta, rim | 40 | 4,250 | 170,000 |
| 2 | Biro, kwali | 12 | 3,600 | 43,200 |
| 3 | Tawadar firinta | 3 | 28,500 | 85,500 |
| 4 | Ambulan, fakiti | 11 | 1,850 | 31,450 |
| 5 | Fayil | 6 | 450 | 32,400 |
| 6 | Batir, fakiti | 24 | 1,980 | 45,720 |
| 7 | Gam | 15 | 7?0 | 11,400 |

Sai na zuba su a Excel, adadi a B, farashi a C, jimlar takarda a D, na sa wannan a E na ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(B2*C2,2)-D2
```

Duk layin da ya ba da sifili ya daidaita. Na farko, na biyu da na uku sun wuce lafiya. Huɗun ƙarshe kuwa kowanne da tasa matsalar, kuma ba iri ɗaya ba ce.

Layin ambulan ne na fara kamawa. Fakiti 11 a kan 1,850 zai ba da 20,350, takarda kuma ta ce 31,450. Tazarar ta yi yawa, ba ta yi kama da tuntuɓen alƙalami ba. A irin wannan hali juya lissafin nake yi, in raba jimla da farashi in ga abin da zai fito. 31,450 a raba da 1,850 ya ba da 17 cif, babu saura. Da na faɗaɗa hoton sai na ga ɗan gajeren zane a saman lamba ta biyu, hular bakwai ce da kabon bai ɗauka da kyau ba. Wato takardar ba ta yi kuskure ba, ni ne na karanta 7 a matsayin 1. Idan rabawa ta ba da lamba cikakkiya, kuma lambar ta yi kama da abin da ke rubuce, alama ce mai ƙarfi cewa karatu ne ya kuskure. A rubutun hannu da kabon, 1 da 7 su ne suka fi yin wannan, sai 3 da 8, sai 5 da 6, sai 0 da 6 in mai rubutun bai rufe da'irarsa ba.

Duk da haka ban rufe layin ba. Lambar 17 lissafi ne ya ba ni, kuma da jimlar da nake son tantancewa na same ta. Idan na ɗauki jimla na ciro adadi, sannan na ninka adadin na ce jimla ta yi daidai, ban tantance komai ba, na zaga ne na dawo inda na tashi. Ana bukatar shaida daga wajen takardar. Na sake kiran dattijon ya je ya ƙirga, bayan minti kaɗan ya ce, "Goma sha bakwai ne, Malam, na ƙirga sau biyu." Sannan na rufe layin.

Layin gam haka yake, sai dai a nan lanƙwasa ce ta cinye lambar tsakiya ta farashin. 11,400 a raba da 15 ya ba da 760, ya fara da 7 ya ƙare da 0 kamar yadda ido ya gani. Na rubuta 760, na sa masa launi dabam don in tuna cewa ciro shi na yi, ban karanta ba. Daga baya takardar oda ta tabbatar da shi.

Layin fayil ya fi su koyar da mutum, don babu lambar da aka karanta ba daidai ba, kuma babu wadda aka rubuta ba daidai ba. Shida sau 450 shi ne 2,700, takarda ta ce 32,400. Na raba babbar da ƙaramar, sai 12 ta fito. Duk lokacin da jimlar takarda ta ninka tawa sau 12, ko 10, ko 24, ko 50, ma'auni nake fara zargi. A kusa da 6 ɗin akwai wasu ƙananan haruffa biyu da na ɗauka datti ne a hoto, ashe "dz" ne, dozin. Adadin an rubuta shi da dozin, farashin kuma na guda ɗaya ne. Dozin 6 guda 72 ke nan, 72 sau 450 kuma 32,400. Kuɗin daidai ne. Amma da na shigar da layin cikin littafin sito yadda yake, da littafin ya nuna fayil shida a wurin da akwai saba'in da biyu, kuma ranar ƙidayar kaya sai a rasa inda bambancin ya fito. Na gyara adadin zuwa 72 a lissafina, na rubuta a gefe cewa takarda ta ce dozin 6.

Saura batir. Fakiti 24 a kan 1,980 shi ne 47,520, takarda ta ce 45,720. Na faɗaɗa hoton har lambobin suka cika fuskar kwamfuta, kuma a nan kabon ya kama sosai, huɗu, biyar, bakwai, biyu, sifili, babu shakka. Na gwada rabawa kamar sauran: 45,720 a raba da 1,980 bai ba da cikakkiyar lamba ba, a raba da 24 kuma ya ba da 1,905, wanda bai yi kama da 1,980 ta kowace fuska ba. Ke nan ba idona ba ne.

Bambancin 1,800 ne, kuma yana rabuwa da tara, 200 cif. Masu aikin lissafin kuɗi sun daɗe da sanin wannan alamar. Idan aka musanya wa lambobi biyu da ke maƙwabtaka wuri, bambancin da zai fito kullum yana rabuwa da tara. Ɗauki 75 da 57: bambancinsu 18, wato tara sau biyu, biyun nan kuma ita ce tazarar da ke tsakanin 7 da 5. Haka abin yake ga kowace lamba biyu, domin ɗaya ta tashi daga gidan goma ta koma gidan ɗaya ta yi asarar tara-tara, ɗayar kuma ta samu tara-tara. A layinmu 7 da 5 ne suka yi musanya a gidan dubu da gidan ɗari, shi ya sa 18 ta zama 1,800. Rabuwa da tara ba hujja ba ce ita kaɗai, don wasu kurakuran ma suna iya faɗawa a kanta, amma tana nuna wa mutum inda zai fara dubawa. A nan da na ajiye 47,520 da 45,720 kusa da juna abin ya fito fili.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko wannan kuskure ya shiga cikin kuɗin da ake nema. Na tara jimlolin bakwai yadda suke a takarda:

```
=SUM(D2:D8)
```

Ya ba da 419,670. A takarda kuwa, jimlar kafin ragi an rubuta 421,470. Bambancin 1,800 ne, daidai da na layin batir. Wannan ya ba ni labarin abin da ya faru a teburin mai rubutun: ya yi lissafinsa a kalkuleta daidai, ya tara da 47,520, sai wajen kwafewa zuwa takarda hannunsa ya juya lambobi biyu. Jimlar ƙasa ita ce mai gaskiya, layin ne ya kauce. Na daɗe a kan wannan domin akwai jarrabawa a ciki. Mutum zai iya cewa layukan sun ba da 419,670, don haka a rage wa mai kaya 1,800. Amma batir 24 aka kawo a farashin da aka yi ciniki, kuɗinsa 47,520 ne, haƙƙinsa ne, kuma tuntuɓen alƙalami ba ya mayar da shi namu. Abin da nake bukata kawai shi ne a gyara layin, saboda mai binciken kuɗi da zai zo ƙarshen shekara zai tara layukan nan kamar yadda na tara.

Daga nan na sauka zuwa ƙasan takardar, inda ido ya riga ya gaji kuma aka fi yin sakaci. Ragin kashi 5 cikin ɗari na 421,470 shi ne 21,073.50, an rubuta shi daidai, abin da ya rage 400,396.50. Sai haraji, an rubuta VAT kashi 10, kuɗinsa 42,147.00. Kashi goma ba ya bukatar kalkuleta, matsar da ɗigo ne gida ɗaya, kuma 42,147 kashi goma ne na 421,470, wato jimlar kafin ragi. An ɗora harajin a kan kuɗin da ba za mu biya ba. A tsarin VAT na ƙasashe da yawa, ragin da aka bayar a lokacin ciniki kuma aka nuna shi a takarda yana rage kuɗin da ake ɗora wa haraji, kuma haka muka saba gani a takardun wannan mai kaya na baya, waɗanda na ɗauko biyu na duba. Idan aka bi haka harajin zai zama 40,039.65. Bambancin 2,107.35 ne, kuma shi ma yana faɗin asalinsa, domin kashi goma ne na ragin kansa. Wannan kuskure ya shiga babbar jimla, kuma ya ƙara mana kuɗi.

A wannan gaɓar lissafin cikin takardar ya ƙare. Kowane layi na san matsayinsa, na san inda jimla ta samo asali. Amma takarda tana iya daidaita da kanta daga sama har ƙasa alhali abin da ta ce ba shi aka yi ciniki a kai ba. Ninkawa tana gaya mini cewa 3 sau 28,500 shi ne 85,500, ba ta san ko 28,500 ne farashin da aka amince ba, ba ta kuma san ko uku aka kawo ba. Wannan sai takardu biyu na waje: takardar oda da muka aika, wadda ke ɗauke da farashi, da takardar karɓar kaya da sito ya sa wa hannu, wadda ke ɗauke da adadi.

Adadin duka ya yi daidai. Takardar firinta dattijon ya ce kwali takwas ya karɓa, kowane kwali rim biyar, arba'in ke nan. Farashi kuma shida sun dace da oda. Wanda bai dace ba shi ne na tawadar firinta, ɗaya daga cikin layuka ukun da suka ba da sifili tun farko, waɗanda na wuce ban waiwaya ba. A oda 27,500 ne kowace guda, a takarda 28,500. Na koma hoton don in tabbata ba 7 nake karantawa 8 ba, amma jimlar layin ta raba gardama, 85,500 ba ta fitowa sai daga 28,500. An ƙara 1,000 a kowace guda, 3,000 ke nan a layin. Ko farashi ne ya tashi ba a sanar da mu ba, ko mai rubutun ya duba tsohon jeri ko sabo, wannan ba aikina ba ne in yanke. Abin da na sani shi ne ba mu sa hannu a kan 28,500 ba.

Na sake gina takardar daga tushe. Jimla kafin ragi ta koma 418,470, ragi 20,923.50, saura 397,546.50, haraji 39,754.65, babbar jimla 437,301.15. Tsakaninta da abin da aka nema akwai 5,242.35.

Ban gyara komai a kan takardarsu ba, ban kuma tura 437,301.15 kai tsaye in bar su su gano dalili ba. Idan kuɗin da aka biya bai dace da takardar da ke fayil ba, littafinmu da nasu za su rabu, kuma bayan wata shida babu mai tuna abin da ya faru. Na rubuta wa mai kayan saƙo gajere da lambar takardar a sama. Na ce layi na 6 an rubuta 45,720 maimakon 47,520, kuskuren bai shiga jimlarku ba, a gyara layin kawai. Layi na 3 farashin oda 27,500 ne, ga hoton odar. Haraji an ɗora shi kafin a cire ragi. Layi na 5 muna roƙon a rubuta guda 72, ko a sa farashin dozin, 5,400. Da gangan na fara da kuskuren da gyaransa ba ya rage musu ko sisi, don su ga cewa duka takardar aka bi, ba wurin da za a rage musu kuɗi kaɗai aka nema ba. Ambulan da gam ban ambace su ba, tunda matsalarsu daga kwafinmu take.

Da safe ya kira. Batir da haraji ya amince nan take, ya ce yaron da ya cika takardar sabo ne. A kan tawada ya ce farashin ya tashi a wurinsa bayan an karɓi odar, amma tunda bai sanar ba kafin ya kawo, zai tsaya a kan 27,500 a wannan karon. Ya soke takardar farko ya fitar da sabuwa da sabuwar lamba. Dattijon ya ɗauki hotonta a shimfiɗe, kusurwa huɗu a fili, na sake kwafe jeri uku ɗaya bayan ɗaya kamar ban taɓa ganin lambobin ba, layuka bakwai suka ba da sifili, jimla ta tsaya a 437,301.15. Na haɗa tsohuwar takarda da sabuwa da oda da takardar karɓar kaya a fayil ɗaya, na sa hannu a biya kafin azahar.